Babi na Biyar: "Na Jagoranta" ko "Na Taimaka"? Kalmar da Ke Faɗin Matsayinka

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance masu neman aiki a Abuja ya san ba a karanta takardar tarihin aiki, wadda kowa ke kira sibi, kamar yadda ake karanta wasiƙa. Takardun sun yi yawa, lokaci kuma ba ya isa. Mai tantancewa yakan duba sunan muƙamin da mutum ya riƙe, ya duba shekarun da ya yi a kai, sannan idonsa ya gangara ta gefen hagu na shafin yana ɗaukar kalmar farko ta kowane layi. Da yake da Turanci ake rubuta takardun, kalmar farkon nan aikatau ce, irin su *led*, *managed*, *drafted*, *assisted* da *participated*. Kafin ya gama karanta layi ɗaya har ƙarshe, ya riga ya ajiye mai takardar a wani mataki a cikin zuciyarsa: wannan shi ke yanke shawara, wancan kuwa aikensa ake yi.

Abin da yake nema a cikin kalmar abu ɗaya ne: da aikin ya lalace, wa za a kira? Wanda ya rubuta *led* yana cewa shi za a kira. Wanda ya rubuta *assisted* yana cewa akwai wani a samansa da za a kira, shi dai ya sa hannu. Kowacce daga cikinsu tana iya zama gaskiya, kowacce kuma tana iya zama ƙarya. Mutane sun fi lura da ƙaryar mai kumbura kansa. Amma a Abuja, musamman a tsakanin ma'aikatan gwamnati, wadda ta fi yawa ita ce ta mai rage wa kansa tsawo, kuma ba da gangan yake yi ba. Koya masa aka yi.

Inda "na taimaka" ta samo asali

Aikin gwamnatin tarayya tsani ne mai lambobi. Wanda ya gama digiri yakan shiga a mataki na 08. Daga nan sai 09, sai 10, sai a tsallake 11 a hau 12, sannan 13 da 14. Mataki na 15 shi ne na Mataimakin Darakta, na 16 na Muƙaddashin Darakta, na 17 kuma na Darakta. Ƙa'idar ƙarin girma ta ce sai mutum ya yi aƙalla shekara 3 a kowane mataki daga 07 zuwa 14, shekara 4 kuma daga 15 zuwa sama, wannan ma sai in akwai gurbi kuma ya ci jarrabawa.

Kundin da ya fayyace aikin kowane mataki shi ma yana da nasa tsanin na kalmomi. A matakan ƙasa, ayyukan da aka lissafa wa jami'i da yawansu suna farawa ne da *assisting in*, wato taimakawa wajen kaza. Sai an hau sosai ake cin karo da *taking charge of*, wato riƙe ragamar wuri. A akasarin layukan aiki, mai mataki na 14 ne ke riƙe ɓangare, na 15 ya riƙe reshe, na 16 ya riƙe babban reshe, Darakta kuma ya riƙe sashen gaba ɗaya. In aka yi lissafi, wanda ya shiga a 08 kuma bai taɓa yin jinkirin ƙarin girma ba, sai ya shekara 15 kafin ya kai 14. Shekara 15 ke nan takardun hukuma suna kiransa mai taimakawa, ko da kuwa shi ne ƙashin bayan ofishin.

Ga kuma al'adar rubutun ma'aikata. Wasiƙar da ke fita daga ma'aikata takan fara da *I am directed to*, wato an umarce ni, a ƙasa kuma jami'i ya sa hannu a madadin Babban Sakatare ko Minista. Ƙaramin jami'i ne ke rubuta daftari, ya sa a fayil, fayil ya hau sama daga tebur zuwa tebur, kowa ya yi ɗan rubutunsa a kai, a ƙarshe takarda ta fito da sunan wani. Tsarin yana da dalilinsa, domin hukuma ce ke magana, ba mutum ba. Amma wanda ya shekara bakwai a Sakatariyar Tarayya yana rubutu a haka, ranar da ya zauna rubuta sibi hannunsa ba zai ba shi wata kalma ba sai wadda ya saba. Da yawa ma kwafo jerin ayyukan matakinsu suke yi kai tsaye daga kundin, ko daga tsohon fom ɗin auna ƙwazo na shekara-shekara da aka sani da APER.

In mai neman aikin Bahaushe ne, sai tarbiyyar gida ta ƙara nata. An raine mu da cewa yabon kai jahilci ne. Yaron kirki ba ya cewa "ni na yi" a gaban manya, sai dai "mun yi", ko "an yi". Wannan kunya ado ce a zaure. A gaban kwamitin da bai san ka ba kuwa, ba wanda zai fassara ta da ladabi. Abin da ka rubuta shi za a ɗauka.

Matsalar takan fito fili ne lokacin da ma'aikacin gwamnati ya nemi tsallakawa zuwa ɗaya kasuwar aikin da ke Abuja, wato hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ECOWAS, ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji. Nasu tsanin ya fi sauri. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, muƙamin NO-B na 'yan ƙasa yakan nemi gogewar shekara 2, NO-C kuma shekara 5. A muƙaman ƙasa da ƙasa, P-3 yakan nemi shekara 5, P-4 shekara 7, P-5 shekara 10. Wanda za a ɗauka a NO-C ana sa ran ya taɓa riƙe wani aiki da kansa. Ke nan mai shekara bakwai a ma'aikata, wanda bai wuce mataki na 10 ba, ya cika sharaɗin shekaru har da rara, amma takardarsa tana magana da muryar wanda bai taɓa riƙe komai ba. Abokin takararsa da ya taso a ƙungiyar agaji, mai shekara biyar kacal, ya saba rubuta *managed* tun shekararsa ta biyu.

Yadda mai tantancewa ke karanta kalmar

Aikatau ɗin da ake sawa a sibi sun kasu kusan hawa huɗu. A ƙasa akwai na halarta, irin su *participated* da *attended*, waɗanda ba su ce komai ba illa mutum yana wurin. Sama da su akwai na taimako, *assisted* da *supported*, masu nuna ya yi aiki amma a ƙarƙashin shirin wani. Hawa na uku na wanda ya yi abu da hannunsa ne har ya gama, kamar *drafted*, *designed*, *trained* da *analysed*. Na huɗu na wanda ke da iko a kan mutane ko kuɗi ko shawara ne: *led*, *managed*, *supervised*, *approved*.

Mutane da yawa suna zaton zaɓi biyu ne kawai, ko hawa na biyu ko na huɗu. Ko ka ce ka taimaka ka yi asara, ko ka ce ka jagoranta ka yi ƙarya. Sun manta da hawa na uku, alhali nan ne mafi yawan aikin matsakaicin jami'i yake, kuma nan ne mai tantancewa ya fi saurin yarda. Wanda ya ce shi ya rubuta daftarin rahoto ya faɗi abin da za a iya gwadawa: a ba shi takarda da biro a ga ko ya iya.

Mai tantancewa kuma ba ya ɗaukar kalmar ita kaɗai. Yana auna ta da abubuwa uku da ke kusa da ita. Na farko muƙamin da ke samanta. In muƙamin na mataki na 09 ne, layin kuma ya ce mutum ya jagoranci tsara manufar ƙasa, to ɗayansu bai faɗi gaskiya ba, kuma ba muƙamin za a zarga ba. Na biyu abin da ya biyo bayan kalmar. *Led* da aka bi ta da "ayyuka daban-daban" ba ta da nauyin *led* da aka bi ta da "mutum huɗu na tsawon wata uku". Ƙaramin abu mai iyaka ya fi babban abu marar iyaka shiga kunne. Na uku yadda kalmomin suka canja daga tsohon muƙami zuwa sabo. Ana son a ga mutum ya fara da taimako, ya koma yi da kansa, sannan ya fara duba aikin wasu. Takardar da ta ce *led* tun daga shekarar hidimar ƙasa har yau ba ta nuna girma ba, ta nuna mai ita kalma ɗaya ya haddace. Wadda kuma ta ce *assisted* daga farko har ƙarshe tana nuna mutum ya shekara goma a tsaye wuri ɗaya, ko da an yi masa ƙarin girma sau uku.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ƙaddara wata jami'a ce a sashen tsare-tsare, bincike da ƙididdiga na wata hukumar gwamnati a Abuja. Tana mataki na 10, shekararta bakwai a aiki. Hukumar ta yi binciken halin da ƙananan asibitoci suke ciki a ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya, wato AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Yanzu tana neman aikin jami'ar bibiya da auna ayyuka a wata ƙungiyar agaji. Ga abin da ta fara rubutawa:

*Assisted in the conduct of a survey of primary health centres in the FCT.*

Mai tantancewa zai karanta wannan ya ga wadda wataƙila ta raba takardu, ko ta ɗauki sunayen mahalarta taro. Ba shi da hanyar sanin fiye da haka. Sai wata ƙawarta ta duba ta ce ai wannan kashe kai ne, ta gyara mata:

*Led a survey of primary health centres across the FCT.*

Wannan kuma ya wuce gona da iri. Daraktanta ne ya jagoranci binciken. Shi ya kai buƙatar gaban shugaban hukumar, shi ya kare kasafin, shi ya sa hannu a rahoton, kuma shi za a kira in wani shugaban ƙaramar hukuma ya yi ƙorafi. In ta bar layin a haka, ta ɗauki rigar wani ta sa.

Hanyar fita ita ce ta daina kallon binciken a matsayin abu ɗaya, ta rarraba shi gunduwa-gunduwa, ta yi wa kowace gunduwa tambaya huɗu. Wa ya yanke shawarar yadda za a yi? Wa mutanen da suka yi aikin suke kawo wa rahoto? Wa ke da ikon kashe kuɗin? Wa za a ba takardar tuhuma in abin ya ɓaci?

A ce da ta zauna ta yi hakan ga abin da ya fito. Kasafin kuɗi ba nata ba ne ko kaɗan, ta dai haɗa alƙaluman kuɗin mota da alawus ta miƙa. Fom ɗin tambayoyi ita ta tsara shi daga farko, Darakta ya cire tambaya biyu ya amince. Masu tattara bayanai mutum 12 ne, ita ta horar da su na kwana biyu. A fili an raba su rukuni uku, aka ba ta rukunin Kwali da Abaji, mutum huɗu, asibiti 30, mako uku. A can ita ke tsara wa zai je ina kowace safiya, ita ke duba fom da yamma ta mayar da wanda ba a cike daidai ba, kuma ranar da ruwan sama ya hana mota shiga wani ƙauye ita ta yanke shawarar a ɗage zuwa wani mako, ba tare da ta bugo waya Abuja ba. Rahoton kuwa ita ta rubuta daftarin farko na babi uku daga cikin biyar.

Yanzu kalmomin sun zaɓi kansu. A kan kasafi ta yi shiru, ko ta ce ta shirya alƙaluma. A kan fom ta ce ta tsara. A kan horo ta ce ta horar. A kan Kwali da Abaji duk tambayoyin ban da ta kuɗi sun nuna ita, saboda haka tana da haƙƙin babbar kalmar:

*Designed the questionnaire and trained 12 enumerators for a survey covering the six area councils.*

*Led a field team of 4 covering 30 facilities in Kwali and Abaji in 3 weeks.*

*Drafted 3 of the 5 chapters of the final report, issued under the Director's signature.*

Ba abin da aka ƙara a kan abin da ya faru. *Led* ta shigo sau ɗaya, a ɗaure da mutum huɗu da ƙananan hukumomi biyu, gwargwadon abin da mai mataki na 10 zai iya riƙewa, don haka ba wanda zai ɗaga gira. Ambaton sa hannun Darakta a layi na uku bai rage mata komai ba. Ya nuna ta san yadda ofis ke tafiya, kuma in aka kira Daraktan neman shaida ba zai ji abin da zai musa ba. Mai tantancewa da ya karanta layukan nan uku ya ga jami'ar da za a iya tura ta fili ita kaɗai a kwanta barci, kuma abin da ake nema ke nan a irin wannan gurbi.

Yadda ake gane wanda ya kumbura

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a intabiyu ake isa ƙarshensa. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da yawancin manyan ƙungiyoyi suna yin intabiyu ne ta hanyar neman misali daga aikin da mutum ya taɓa yi: wane hali aka shiga, mene ne aikinka a ciki, me ka yi, me ya biyo baya. Ɗan kwamiti yakan ɗauki layin da ya fi kowane girma a sibi ya fara tono daga nan.

A ce jami'ar nan ta bar layin da ƙawarta ta rubuta mata. Shugaban kwamiti zai ce, "Malama, kin ce ke kika jagoranci binciken. Nawa aka kashe?"

"Ranka ya daɗe, ɓangaren kuɗi Darakta ne ya riƙe."

"To, wa ya zaɓi asibitocin da za a je?"

"An zaɓa ne a taron shugabannin sashe."

"Kina cikin taron?"

Daga nan magana ta ƙare. Abin takaicin shi ne aikin da ta yi da gaske a Kwali da Abaji ba zai ƙara samun mai saurare ba, domin an daina yarda da ita. Da layin gaskiya ta rubuta, tambayar da za ta zo ita ce yadda ta yi da mai tattara bayanan da ke cike fom a ƙarƙashin bishiya ba tare da ya shiga asibiti ba, kuma wannan tana da amsarsa har da ranar da abin ya faru.

Alamomin da 'yan kwamiti ke saurare sanannu ne. Wanda ya riƙe aiki da gaske yana tuna abin da ya ba shi wahala: wanda ya ƙi ba shi haɗin kai, kuɗin da bai fito a kan lokaci ba, zaɓi biyu da ya tsaya a tsakaninsu da dalilin da ya sa ya ɗauki ɗaya. Wanda ya ara kalmar kuwa sakamako kawai ya sani, kuma bakinsa yakan koma "muka" da "aka" da zarar an matsa. Shi ya sa za ka ji ɗan kwamiti ya katse mutum ya ce, "Na ji abin da kuka yi. Kai me ka yi?"

Wasu kalmomin ma doka ce ke ƙaryata su tun kafin intabiyu. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ɗora alhakin kashe kuɗin ma'aikata a kan Babban Sakatare, kuma shi ke shugabantar kwamitin bayar da kwangila na ma'aikatar. Saboda haka jami'in mataki na 10 ko 12 da ya rubuta *approved* ko *awarded* a kan kwangila ya faɗi abin da duk wanda ya san Abuja ya san ba ya yiwuwa. Abin da zai iya cewa da gaskiya shi ne ya shirya takardun neman tayi, ko ya zauna a ƙaramin kwamitin da ya auna tayin kamfanoni kaza, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Inda ƙa'idar take lanƙwasa

Ba kullum ne kalmar taimako take nuna ƙaramin matsayi ba. A harshen ƙungiyoyin raya ƙasa, gwamnati ce mai aiki, su masu tallafawa ne. Babban mashawarci mai shekara ashirin a fagen yana iya rubuta *supported* a kan taimaka wa wata ma'aikata ta tsara manufa, kuma duk wanda ke cikin harkar ya san ladabin aiki ne ya sa, domin ba ya yiwuwa baƙo ya ce shi ya jagoranci manufar gwamnati. A nan abin da ke nuna girma shi ne wanda aka tallafa wa. Tallafa wa Babban Sakatare wajen tsara manufa daban, tallafa wa jami'in shiri wajen haɗa taro daban. Amma ko a nan, gara a biyo da abin da mutum ya yi da hannunsa, domin kalmar ita kaɗai ba ta rarrabe mashawarcin da mai kama masa jaka.

*Coordinated* kuma kalma ce mai fuska biyu, kuma Abuja cike take da ita. Tana iya nufin wanda ya zaunar da ma'aikatu biyar a teburi ɗaya har suka amince da abu guda, tana kuma iya nufin wanda ya aika takardun gayyata ya tanadi abinci. Mai tantancewa da ya gan ta tsirara yakan ɗauki ƙaramar ma'anar. In babbar kake nufi, faɗi su wa ka haɗa da abin da aka cimma.

Sai batun riƙon ƙwarya. A ma'aikatu sau da yawa shugaban ɓangare yakan tafi kwas ko hutu ko ya yi ritaya, na ƙasa da shi ya riƙe wurin wata da watanni. Wannan jagoranci ne na gaske, kuma mutane da yawa suna barin sa a waje don ba a canja musu muƙami ba. A rubuta shi, amma da iyakarsa: wane ɓangare, mutum nawa, daga wane wata zuwa wane. In akwai takardar da ta ba ka riƙon, ka samu abin nunawa. In da baki aka ce ka riƙe, ka tabbata wanda zai ba da shaida a kanka ya san da maganar kuma zai faɗe ta. Haka nan in ku biyu kuka riƙe aiki, *co-led* ta fi *led* aminci, domin Abuja ƙaramin gari ne a wannan fage, kuma ba abin mamaki ba ne takardar abokin naka ta faɗo teburi ɗaya da taka.

Akwai kuma lokacin da *assisted* ita ce daidai, kuma ba abin kunya ba ne. Ɗan hidimar ƙasa ko wanda ya shekara ɗaya a aiki, in ya ce ya taimaka wa jami'in kuɗi wajen daidaita asusun wata-wata, ya faɗi abin da ake sa ran ji daga gare shi. Abin da zai ƙara masa daraja shi ne ya faɗi wane yanki na aikin aka sakar masa. Sannan a duba gurbin da ake nema. In mai taimaka wa shugaba ake nema, takardar da ta cika da jagoranci tana iya sa a ji tsoron mutumin ba zai zauna a ƙarƙashin wani ba.

Abin da za a tanada tun kafin a buƙata

Mafi wuyar wannan aiki shi ne tuna wa ya yi me bayan shekara huɗu ko biyar. Rahoton ya fita da sunan hukuma, fayil ya koma rajista, Daraktan ya yi ritaya. Saboda haka duk lokacin da aka gama wani aiki, ka rubuta wa kanka layi huɗu ko biyar a littafinka: mene ne aikin, wane yanki ne naka, mutum nawa ke ƙarƙashinka, wace shawara ka yanke da kanka, wa zai iya shaida. Ka adana takardun da aka rubuto maka da sunanka, kamar takardar tura ka wani sashe, ta sa ka a kwamiti, ta riƙon ƙwarya ko ta yabo. Takardun cikin fayil kuwa na gwamnati ne, ka yi rantsuwar riƙe sirri a kansu, kuma kwafe su don neman aiki laifi ne da zai iya cin aikin da kake da shi.

Sabon tsarin auna ƙwazo da aka shigo da shi don maye gurbin APER, a zamanin da Dakta Folasade Yemi-Esan take shugabar ma'aikatan tarayya, yana taimakawa a nan. Tsarin ya tanadi jami'i da shugabansa su amince tun farkon shekara a kan abin da ake sa ran ya cimma. Inda ake aiki da shi yadda ya kamata, wannan yarjejeniya ita ce hujja mafi kusa da ke nuna abin da aka ɗora maka kai kaɗai.

Kafin ka aika takarda, ka kai ta wurin wanda ka sa a matsayin mai shaida, ka roƙe shi ya karanta layukan da suka shafi lokacin da kake ƙarƙashinsa. In ya tsaya a wata kalma ya ce, "Anya kuwa?", ka sauke ta hawa ɗaya, domin abin da zai faɗa wa mai ɗaukar aiki ke nan a waya. Sau da yawa kuma akasin haka ke faruwa. Tsohon shugaba yakan karanta ya ce, "Kai da ka riƙe mana Kwali da Abaji, me ya sa ka rubuta ka taimaka?" In ya faɗi haka, ka gyara layin a gabansa, ka tambaye shi adadin mutanen da watannin kamar yadda yake tunawa, don bakinku ya zo ɗaya ranar da aka kira shi.